Tsarin 50/30/20 da ƙaramin albashi: yadda ake yin lissafin, da inda yake karyewa

Ina riƙe da littafin wata ƙaramar ƙungiyar adashi ta ma'aikata a nan Zuru, kuma kusan duk ƙarshen wata sai wani matashi da bai daɗe da kama aiki ba ya zo mini da magana ɗaya. Ya ji a rediyo ko ya gani a waya cewa ana raba albashi gida uku: kashi 50 na buƙatun dole, kashi 30 na jin daɗi, kashi 20 na ajiya. Ya gwada wata biyu abin ya ƙi, sai ya yanke wa kansa hukunci cewa shi almubazzari ne, ya jefar da littafin lissafin gaba ɗaya. Mafi yawansu ba almubazzarai ba ne. Tsarin ne aka ɗinka a jikin wani, su kuma suka sa shi ba tare da an gyara musu ba. Na rubuta wannan jagora domin mai ƙaramin samu ya iya yin lissafin da kansa, ya ga daidai inda tsarin ya daina yi masa aiki, ya kuma san abin da zai sa a madadinsa.

Asalin tsarin

Elizabeth Warren, wadda a lokacin malamar shari'a ce a jami'ar Harvard kuma masaniyar yadda bashi ke durƙusar da iyalai, ita da 'yarta Amelia Warren Tyagi ne suka yaɗa shi a littafinsu All Your Worth na shekarar 2005. Ana ɗaukar kuɗin da ya shigo hannu bayan an cire haraji. Rabinsa ya tafi ga abin da ba makawa sai an biya, kamar haya, abinci, sufuri, magani da mafi ƙarancin abin da mai binka bashi zai karɓa a wata. Kashi 30 ya tafi ga abin da rai ke so amma ana iya rayuwa ba shi. Kashi 20 ya tafi ajiya da rage uwar bashi.

Hikimar tsarin tana cikin rabin nan na farko. Gidan da dolensa bai wuce rabin samunsa ba yana da wurin ja da baya: idan aiki ya tsaya ko ciniki ya faɗi, sai a dakatar da jin daɗi da ajiya, rufin gida da tukunya su ci gaba. Wannan tunani ne mai kyau, kuma ba na jayayya da shi. Sai dai an rubuta shi ne domin magidantan Amurka masu matsakaicin hali, inda abinci ke cin abin da bai wuce kashi goma da 'yan kai na samun gida ba. A Najeriya kuwa, binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar kan kashe-kashen gidaje na 2019 ya nuna abinci kaɗai yana cin kusan kashi 57 cikin ɗari na abin da gidaje ke kashewa. Wato tun kafin a cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, tukunya ita kaɗai ta riga ta haye rabin da tsarin ya ware wa dukkan buƙatu. Ba kuma sabon abu ba ne. Tun 1857 wani masanin ƙididdiga Bajamushe, Ernst Engel, ya lura cewa duk yadda samun gida ya ƙanƙanta, kason da abinci ke ci a cikinsa ƙaruwa yake yi, domin ciki ba ya raguwa don albashi ya ragu.

Kayan aiki

Ba ka buƙatar manhaja. Ka nemi littafin rubutu irin na 'yan makaranta da biro, da takardar albashinka ko saƙon banki na watanni uku na baya, da kalkuletan da ke wayarka. Ka nemi kuma yardar wadda ke riƙe da cefane a gidan. Wannan na ƙarshe shi ne mafi nauyi. Magidanci ya san kuɗin da ya miƙa da safe, amma uwargida ce ta san nawa aka sayi manja, nawa aka ba mai niƙa, da ranar da ta cike giɓi da ribar ƙulli-ƙullinta ba tare da ta faɗa ba. Lissafin da aka yi a bayan idonta ba ya fita daidai.

Mataki na 1: Gano kuɗin da ke shigowa hannu da gaske

An sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi ta naira 70,000 a watan Yulin 2024, gwamnatin Kebbi kuma ta amince da naira 75,000 ga ma'aikatanta a cikin shekarar. Amma adadin da ke kan takarda ba shi ake rabawa ba. Abin da ya faɗo asusunka bayan an zare haraji, kuɗin ƙungiyar ƙwadago da sauran yanke-yanke, shi ne tushen lissafi. Idan ana zare maka bashin banki ko na ƙungiya tun daga sama, ka mayar da shi cikin samu, sannan ka rubuta shi a ɓangaren dole, domin ka riƙa ganinsa da idonka kowane wata.

Mai sana'ar hannu ya fi kowa faɗawa kuskure a nan, domin yana ɗaukar ciniki a matsayin samu. Ɗauki ɗan kabu-kabu da ya tara naira 7,000 a wuni. Idan mai ya ci 3,000, mai babur ya karɓi balas 1,500, tikiti da baƙin mai da faci suka ci 500, samunsa naira 2,000 ne. Wanda ya raba 7,000 gida uku ya riga ya ci kuɗin man gobe. Haka mai tuyar ƙosai: sai ta cire kuɗin wake, mai da itacen gobe kafin ta kira sauran nata. Idan samunka yana hawa yana sauka, kada ka ɗauki matsakaici. Ka ɗauki watan da ya fi rauni a cikin ukun, ka gina lissafi a kansa, rarar wata mai kyau ta zama ƙari. Dalili shi ne haya da yunwa ba sa jiran wata mai kyau.

Mataki na 2: Rubuta kashe-kashe na kwana talatin ba tare da ka canza komai ba

Mutane suna son tsallake wannan, su zauna su ƙiyasta da ka. Ƙiyasi kullum ƙasa yake faɗuwa, saboda ƙwaƙwalwa tana riƙe buhun masara ta manta da naira ɗari-ɗari. Ka rubuta komai a daren ranar: kuɗin cajin waya, ruwan leda, ladan mai POS, abin da aka ba yaro na tara. Kada ka matse hannu a wannan watan don littafin ya yi kyau, domin so kake ka ga gidanka yadda yake.

Ka lura da ladan cire kuɗi musamman. Idan mai POS yana karɓar naira 100 a kowace cirewa, wanda ke cire 2,000 sau ashirin a wata ya biya naira 2,000, kwatankwacin hatsin kusan kwana uku a gidan da za mu duba a ƙasa.

Mataki na 3: Sauko da manyan kuɗaɗen shekara zuwa wata

Tsarin 50/30/20 yana tunani wata-wata, rayuwarmu kuwa shekara-shekara take tafiya. Haya a dunƙule ake biya. Makaranta zango uku ce. Taki da maganin feshi suna zuwa a farkon damina, lokacin da hatsi ya fi tsada. Ga Sallah ƙarama da babba ga Musulmi, ga Kirsimeti ga Kirista, ga Uhola bayan an kawar da amfanin gona, kuma gidaje da yawa a ƙasar Zuru suna da 'yan'uwa ta kowane ɓangare. Ka jera waɗannan duka, ka tara, ka raba gida goma sha biyu. Hayar naira 60,000 a shekara naira 5,000 ce a kowane wata, ko mai gida ya zo ko bai zo ba.

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya riƙa tara wannan kuɗi yana kiransa ajiya. Kuɗin haya da kake tarawa ba ajiya ba ne, bashi ne da ranar biyansa ba ta zo ba. Wanda ya haɗa su a wuri guda zai yi zaton yana da rara har ranar da mai gida ya ƙwanƙwasa ƙofa.

Mataki na 4: Rarrabe dole da sha'awa

Tambayar da nake amfani da ita ita ce: idan albashi ya tsaya wata uku, zan ci gaba da biyan wannan ko da bashi ne? Idan amsar e ce, dole ne. Abu guda yana iya rabuwa biyu. Katin kiran da ɗan kabu-kabu ke karɓar fasinja da shi dole ne, datar kallon ƙwallo sha'awa ce. Tuwo da miyar kuka dole ne, tsiren yamma sha'awa ce.

Akwai wani kaso da tsarin bai san da shi ba sam, kuma a wurinmu ba ƙarami ba ne: haƙƙin jama'a. Abin da ake aika wa tsofaffi a ƙauye, gudummawar biki da suna, kuɗin motar zuwa ta'aziyya, sadaka, baiko da zakar coci. A littafin Warren, yawancin wannan kyauta ce da mutum ya ga dama. A nan kuwa, wanda ya daina zuwa wa mutane ya yanke igiyar da za ta ciro shi ranar da matarsa ta kwanta a asibiti, domin gudummawar da ka kai jiya ita ce inshorar da kake da ita. Ni ba na sa shi cikin sha'awa, ba na kuma barinsa ba iyaka. Ina ba shi layinsa da adadinsa. Idan adadin watan ya ƙare, ka je da ƙafarka da hannunka, ka taya kafa rumfa, ka yi gaisuwa. Ba kowace zumunta ce ake yi da aljihu ba.

Ga kuma abin da mutanen Zuru suka sani a jikinsu. Rashin tsaro a ƙauyukan Danko-Wasagu da Sakaba ya koro iyalai da yawa zuwa cikin gari, kuma gidan da aka yi wa lissafin baki biyar yana iya wayar gari da baki tara. Babu wanda zai kira ciyar da ƙanwarsa da 'ya'yanta sha'awa. Idan haka ta same ka, ka sake lissafin dole daga tushe a makon, kada ka jira ƙarshen wata ya nuna maka.

Mataki na 5: Gwada gidanka da ma'aunin

Bari mu bi misali guda har ƙarshe. Farashin da zan sa na misali ne, kai ka sa na kasuwar ranar da kake lissafi. Masinja ne a wata makaranta, yana da mata da 'ya'ya uku, yana haya a Rikoto, abin da ke shigowa hannunsa naira 70,000. Tsarin ya ce dole 35,000, sha'awa 21,000, ajiya 14,000. Naira 35,000 a kwana talatin ba ta kai 1,200 a wuni ba, wato ƙasa da naira 240 ga kowane mutum, kuma a cikinta ake son a ci, a yi haya, a sha magani. Ga abin da littafinsa ya nuna:

Hatsi, mudu ɗaya a wuni a kan 700: 21,000
Niƙa: 2,000
Cefanen miya, 500 a wuni: 15,000
Itace da gawayi: 4,000
Haya: 5,000
Makarantar yara: 3,000
Ruwa da wuta: 3,000
Kabu-kabu zuwa aiki: 4,000
Magani: 3,000
Sabulu da omo: 1,500

Jimla naira 61,500, wato kusan kashi 88 cikin ɗari na samunsa. Babu nama a jerin nan, babu sutura, babu ko kwalbar lemo. Abin da ya rage masa naira 8,500 ne.

Akwai gajeriyar hanyar gane ko tsarin zai yi maka aiki: ka ninka dolenka biyu. Abin da ya fito shi ne samun da kake buƙata kafin 50/30/20 ya zauna. A gidan masinjan nan, 61,500 sau biyu naira 123,000 ne. Tazarar 53,000 da ke tsakani ba ta rufuwa da barin shan shayi. Wannan ne wurin da tsarin ke karyewa, kuma karyewar ta lissafi ce, ba ta hali ba. Mai albashin 400,000 da ke cin tuwo iri ɗaya da masinjan zai iya riƙe dolensa a rabi cikin sauƙi, domin farashin mudu ɗaya ne gare su duka.

Haɗarin da ke nan shi ne mutum ya nace sai ya cika kashi 20 ɗin. Na ga yadda ake yi. A ranar albashi ya zuba 14,000 a adashi, zuwa ranar ashirin ga wata hatsi ya ƙare, sai ya koma cin bashi a shago ko ya ranci 10,000 da sharaɗin mayar da 12,000. Ya ajiye kuɗi a inda ba ya haihuwa, ya ranto a inda ake yanka masa kashi 20 a wata guda. Wasu kuma daga tukunya suke cirewa: a janye wake da man gyaɗa daga abincin yara, a raba maganin zazzaɓi biyu, a bar sauran don wani karon. Zazzaɓin cizon sauro da ba a gama maganinsa ba yana dawowa, kuma kwanciya ɗaya a asibiti tana cinye ajiyar wata huɗu. Alamar da za ka gane ajiyarka ta fi ƙarfinka ita ce wannan: idan kana zuba adashi kuma sunanka yana littafin bashin mai shago a wata guda, ba ajiya kake yi ba.

Mataki na 6: Fitar da kason da ya dace da gidanka

Abin da ya kamata a riƙe daga tsarin shi ne rabon gida uku da kuma ware ajiya tun ranar da kuɗi ya shigo. Alƙaluman kuwa naka ne. Masinjan zai iya raba 8,500 ɗinsa haka: 3,000 haƙƙin jama'a, 2,000 sha'awa, 3,500 ajiya. Idan aka haɗa na farko da na biyu a kason tsakiya, tsarinsa ya zama kusan 88/7/5.

Za a ce me ya sa ba za a zuba 2,000 ɗin sha'awa a ajiya ba. Saboda lissafin da bai bar wa mutum ko kuɗin shayi da burodi ba ba ya kai wata uku. Ran da ya gaji zai fasa asusun gaba ɗaya. A bar wa maigida nasa, a bar wa uwargida nata, kowa ya kashe ba tare da an tambaye shi ba.

Naira 3,500 kuma ba abin rainawa ba ce, in an san aikin da aka ba ta. Ga jerin da nake ba mutanenmu. Da farko a kashe duk bashin da ke ƙaruwa, musamman na manhajojin waya masu ba da rance na mako biyu da na masu ba da kuɗi da ruwa. Ban da haramcin riba ga Musulmi, babu ajiyar da za ta kawo maka abin da irin wannan bashi ke ci. Bayan nan a tara kuɗin ko-ta-kwana, daidai abincin mako biyu, wajen naira 20,000 a wannan gida. Shawarar da ake bayarwa ta tara kuɗin wata uku zuwa shida tana nufin masinjan ya tara sama da 180,000, wato fiye da shekara huɗu yana zubawa, kuma burin da ya yi nisa haka kashe gwiwa yake yi. Dubu ashirin kuwa wata shida ne, kuma ita ce ke hana ciwon dare ɗaya ya zama bashi.

Wannan kuɗi ba a adashi ake sa shi ba. Adashi yana da kyau ga abin da aka san ranarsa, kamar haya ko taki, idan ka roƙi uwar adashi ta sa kwasarka ta faɗo daidai lokacin. Amma ciwo ba ya jiran layi ya zo kanka. Kuɗin ko-ta-kwana ya zauna inda hannu zai kai cikin awa ɗaya, wani a asusu, wani tsaba a gida. Wanda ya ga ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya san dalilin raba shi biyu.

Mataki na 7: Mayar da ajiya hatsi idan kaka ta yi

Tsarin 50/30/20 ya ɗauka kuɗin da ka ajiye zai riƙe darajarsa. A 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 cikin ɗari, wato kuɗin da ya kwana shekara a asusu ya dawo yana sayen kusan kashi uku cikin huɗu na abin da yake saye a da. Ga mai ƙaramin samu a ƙasar noma irin tamu, ajiyar da ta fi riba sau da yawa ita ce wadda ke rage dolen watanni masu zuwa, kuma babu layin da ya kai hatsi girma a littafinsa.

Duba lissafin. Idan buhu yana ɗaukar mudu 80, gidan masinjan yana cin buhu huɗu da rabi a shekara. A ce da kaka mudun masara ko dawa ya sauko 500, buhu ya zama 40,000. Wannan buhun, in da mudu-mudu za a saye shi a kan 700, naira 56,000 ne. Buhu ɗaya ya rage masa 16,000, ya kuma ɗauke masa sayen hatsi na kwana tamanin. A cikin kwanakin nan, 21,000 ɗin da ya saba kashewa a wata ba kyauta ba ce da za a yi biki da ita. A nan mutane ke zamewa. Ita ce za ta sayi buhu na gaba tun farashi bai tashi ba, sauran kuma ya koma ajiya. Wanda ya riƙe wannan zagaye shekara biyu zai ga dolensa ya sauko daga 88 zuwa wajen 80, ba tare da an ƙara masa ko kwabo a albashi ba.

Akwai sharuɗɗa. Ka sayi na ci, ba na kasuwa ba. Farashi ba kullum yake tashi bayan kaka ba. A 2025 hatsi ya faɗi, waɗanda suka tara don su sayar suka yi asara. Wanda ya saya don tukunyarsa asararsa kaɗan ce, domin ko yaya dai zai ci. Ka tabbata hatsin ya bushe sarai. Ka ciji ƙwaya, ta fashe da ƙara, kada ta lotsa. Ko ka zuba ɗan hatsi da busasshen gishiri a busasshiyar kwalba, ka girgiza, ka bari ya ɗan jima. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran danshi, a mayar da shi rana. Buhun PICS mai leda biyu a ciki yana kashe ƙwari ta hanyar hana su iska, ba sai an sa magani ba, muddin an matse iskar an ɗaure kowace leda daban, an ɗora shi a kan katako nesa da bango da ɓera. Ƙwayar maganin nan da ake jefawa cikin buhu tana fitar da iska mai guba, kada a taɓa ajiye buhun da aka sa mata a ɗakin da mutane ke kwana.

Manomi da ma'aikacin da ke taɓa noma

Mafi yawan ma'aikata a Zuru, Dabai, Ribah ko Mahuta suna da 'yar gona, kuma manomi tsantsa samunsa sau ɗaya yake zuwa a shekara. A gare shi rabon wata ba shi da ma'ana, da buhu zai yi lissafi, kuma a ranar da aka gama sussuka. A fitar da zakka ko ushiri ga wanda ya hau kansa. A ware na ci har zuwa sabuwar kaka, a ƙara buhu ɗaya saboda baƙi. A ware iri, da buhunan da za a sayar a sayi taki. Abin da ya rage bayan wannan shi kaɗai ne ake iya kira samu a raba. Wanda ya juya jerin, ya fara sayarwa da kaka lokacin da kowa ke sayarwa don hidimar biki, shi ne zai dawo kasuwa a watan Yuli ko Agusta yana sayen hatsin da ya noma da tsada, ko ya karɓi taki bashi a kan zai biya da buhu. Kafin ka karɓi irin wannan bashi, ka mayar da buhun kuɗi a farashin da kake sa ran zai kai, ka gwada da kuɗin takin a yau, za ka ga ainihin abin da za ka biya.

Idan dole ya haura ɗari

Akwai gidajen da lissafin mataki na biyar zai nuna dolensu ya fi samunsu, kamar 75,000 a kan 70,000. A nan babu wani rabo da zai yi aiki, kuma bai kamata a ɓata wa mutum lokaci da kashi-kashi ba. Littafin yana da amfani guda: ya nuna girman ramin, 5,000 a wata, maimakon a riƙa jin sa a duhu. Sai a dubi manyan layuka uku, hatsi, cefane da haya ko sufuri, domin a can kaɗai ake samun dubbai. Ɗaki kusa da wurin aiki yana iya goge kuɗin kabu-kabu. Kadada guda ta aro da damina tana iya ɗauke rabin hatsin shekara. Kuɓewa, yakuwa da alayyafo a bayan ɗaki suna rage cefane. Ma'aikacin jiha ya bincika matsayinsa a shirin taimakekeniyar lafiya na KECHEMA, ya tabbata an yi wa matarsa da yaransa rajista, domin layin magani shi ne wanda ke tashi daga 3,000 zuwa 50,000 a dare ɗaya.

Duk lokacin da aka samu ƙari, ko ƙarin albashi ne, ko bashin albashi da aka biya, ko ribar sana'ar uwargida da ta ƙaru, a raba shi biyu tun bai saje da kuɗin cefane ba: rabi ya gyara tukunya, rabi ya hau kan ajiya. Idan aka ƙara wa masinjan 10,000, ajiyarsa ta tashi daga 3,500 zuwa 8,500, wato ta haura kashi 10 na sabon samunsa na 80,000. A sake ninka dole biyu duk bayan wata shida, da kuma duk lokacin da farashin mudu ya motsa sosai ko aka samu ƙaruwa a gidan, a rubuta sabon kason a shafin farko na littafin da kwanan watansa.